Yadda na daina ba 'yan gurup noti ɗaya

Shekaru ina koyar da jogarafi a wata lise nan Damagaram, kuma duk eksfoze da na bayar noti ɗaya nake rubuta wa gurup gaba ɗaya, in aiki ya yi kyau kowa 17 bisa 20, shi ke nan. Abin da ya sa na canza wata ɗaliba ce da ta tsaida ni bakin aji ta ce mushe, ni kaɗai na rubuta, ni na zana taswirar, wane ko karantawa bai yi ba kuma notinmu ɗaya. Wallahi ban samu amsar da zan ba ta ba, don gaskiya ta faɗa, takarda nake gyarawa ba yara ba.

Yanzu 20 ɗin nan kashi biyu nake yi mata. 8 na aikin da gurup ya kawo ne, kowa a ciki yana samun abu guda. 12 kuwa na mutum ne shi kaɗai, 5 na tambayar baki, 4 na kayen da kowa ke rubuta aikin da ya yi a ciki, 3 na shaidar abokan aiki. Na bar kason mutum ya fi yawa da gangan, don kada wanda bai taɓa komai ba ya kai muwayan ɗin 10 da gumin wasu, ko da takardar ta cinye 8 ɗinta cif. Kuma tun ranar da na raba batutuwa nake rubuta wannan a tabulo, in ka ɓoye sai ranar noti rigima za ka saya.

Bari in kawo na wani gurup mai mutum biyar da na ba matsalar ruwan sha a garin nan. Takardarsu ta samu 7 bisa 8, da tsohon lissafi kowa 17,5 ke nan. Yarinyar da ta haɗa rubutun ta amsa tambayoyina duka, 5, kayenta cike da burayon da ta yi ta gogewa tana sakewa, 4, abokai sun ba ta 3, ta tashi da 19. Akwai wani yaro mai shiru, da ba don kaye ba da na zalunce shi, ashe shi ya bi 'yan garuwa a Birni da Zango yana tambayarsu kuɗin bido lokacin zafi da lokacin damina, ya rubuta rana da unguwa da abin da aka ce masa, a baki ya ɗan daburce ya samu 3, amma 4 da 3 ɗinsa suka kai shi 17. Na uku shi ya biya kuɗin buga takarda, shi ke nan aikinsa, tambayar baki 1, kaye fayau 0, abokai 1, ya tashi da 9. Ya zo yana cewa ai ya kashe kuɗi, na ce masa kuɗin bugu ba ya cikin abin da na rubuta a tabulo, kuma raina bai so ba amma ban ƙara masa ko rabi ba.

Tambayar baki ita ta fi tona asiri, in ka iya yin ta. Tambaya biyu nake yi, ɗaya a ɓangaren da yaro ya ce shi ya yi, ɗaya a ɓangaren wani, kuma ni ke zaɓar mai amsawa. In ka bar su su raba shafi kowa ya hardace nasa, za su rera maka kamar karatun allo ba ka gane komai ba. Ka ce masa me ya sa kuka zaɓi unguwar nan ba waccan ba, nan take za ka san wanda ya zauna aka yi da shi. Sai dai tana cin lokaci, ɗalibi 60 minti biyu-biyu awa biyu ne cur, ban da gabatarwar kanta.

Shaidar abokai kuwa da gangan na tsaida ta a 3, don ita ta fi saurin lalacewa. Kowa yana rubutawa a ɓoye a guntun takarda, daga 0 zuwa 3 ga sauran huɗun, ba ya ba kansa, ni kuma in fidda muwayan. Wani lokaci sai ka ga duka sun ba juna 3, an yi yarjejeniya ke nan ko kunya ta hana, wani lokaci kuma a haɗe wa mutum ɗaya kai, sau da yawa mace ɗaya cikin maza ko baƙon da ya zo daga ƙauye. Yadda nake ganewa shi ne in ɗora shaidar kan kaye, in kaye cike yake abokai kuma sun ba da 0, sai in kira gurup ɗin ɗaya bayan ɗaya kafin in rubuta komai. Ba na kuma ƙirga saƙonnin Watsap a matsayin aiki, don da yawa cikin yarana ba su da waya. Kayen ma sai ka sa hannu a kansa a tsakiyar aiki, sati guda kafin a kawo, in ba haka ba daren ƙarshe za a zauna a cika shi da biro ɗaya.