Abin da na nemi a gyara a takardar koyon aikina kafin in sa hannu

Shafi uku ce takardar da kamfanin ya turo mini, da Turanci, kuma a ƙasanta an ce in sa hannu in dawo da ita ranar Litinin. Ina aji uku a jami'a a lokacin, ina karanta kimiyyar kwamfuta, lokacin fita koyon aiki na wata shida ya zo, wanda hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, wato ITF, ke kula da shi. Duk wanda ya nemi gurbi a Kano ya san wahalar da ake sha, daga Bompai zuwa Sharada ana ta ce maka a dawo gobe. To ni Allah ya taimake ni na samu a wani ƙaramin kamfani da ke wajen titin gidan Zu, masu haɗa manhajar lissafin kaya da bashi ga 'yan kasuwa. Murna ta so ta sa in rattaba hannu nan take, sai dai akwai sakin layi ɗaya da ya tsaya mini a rai, shi ya sa na kai wa yayana takardar, shi lauya ne.

Ga abin da sakin layin ya ce: duk wani abu da na ƙirƙira a tsawon zamana da su, a ofis ne ko a gida, da kwamfutarsu ko da tawa, a lokacin aiki ko bayan an tashi, mallakar kamfani ne. Dalilin damuwata kuwa, tun ina aji biyu na fara haɗa wa kawuna wata 'yar manhaja ta rubuta bashin atamfa da shadda a shagonsa na Kantin Kwari. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma tawa ce, kullum da daddare ina ƙara mata wani abu, kuma a kanta nake son gina aikina na kammala digiri. Ga shi sana'ar kamfanin da tawa sun zo ɗaya.

Yaya ya karanta, ya ɗago kai ya ce, "Ƙanwata, in kika sa hannu a haka, duk layin da kika ƙara wa manhajar Kawu a wata shidan nan, sun samu bakin cewa nasu ne." Sai ya yi mini bayanin yadda abin yake. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, manhajar kwamfuta tana cikin abubuwan da ake karewa kamar rubutu, kuma haƙƙin yana fara zama ne a hannun wanda ya yi aikin, sai dai in an yi yarjejeniya a kan saɓanin haka. Mayar da haƙƙin ga wani kuma sai a rubuce. Wato doka ta fara ba ni, takardar nan ce za ta karɓe. Shi ya sa kamfanoni ke sa wannan sharaɗi, kuma ban ga laifinsu ba a kan abin da aka yi musu. In sun zaunar da ni, sun koya mini, sun ba ni aikin gyara shafin rasit na manhajarsu, ba daidai ba ne in tashi tafiya in ce shafin nawa ne. Inda matsalar take shi ne faɗin sharaɗin, da ya haɗiye har abin da ba su da hannu a ciki.

Gyara biyu muka rubuta. Na farko, mallakar kamfani ta tsaya a kan aikin da suka ba ni, ko wanda na yi da kayansu da bayanansu. Na biyu, a ƙara shafi a ƙarshen takardar mai ɗauke da jerin abubuwan da na riga na mallaka kafin in zo. A nan na rubuta sunan manhajar Kawu, da abin da take yi a layi biyu, da ranar da na fara ta. Yaya ya sa na buɗe ma'ajiyata ta GitHub, inda kowane canji yake da kwanan wata, ya ce wannan ita ce shaidata in magana ta taso. Ya kuma ja mini kunne, kada in kuskura in buɗe manhajar Kawu a kwamfutar ofis, kada kuma in kwafo ko layi ɗaya daga tasu zuwa tawa ko daga tawa zuwa tasu. Da zarar an cakuɗa, shafin jerin nan ba zai cece ni ba, domin ba mai iya rabewa. Wannan gargaɗin na riƙe shi sosai, har kwamfutoci biyu na dinga ɗauka a jaka.

Sharaɗin sirri shi ma ya zo da faɗi. An ce duk abin da na gani ko na ji a kamfanin sirri ne, ba a sa iyakar lokaci ba. Da farko na ɗauka tsoratarwa ce kawai. Sai da na fara aiki na ga dalilinsu da idona. A allon kwamfutata akwai sunayen 'yan kasuwa, da lambobin wayarsu, da wanda ake bi miliyan nawa, da wanda ya yi wata uku bai biya ba. Wasu sunayen na san su, wasu ma maƙwabtan shagon Kawu ne. A Kano kuwa rufin asirin ɗan kasuwa shi ne jarinsa. Hoton allo guda da yarinya za ta ɗauka ta sa a WhatsApp don a ga tana aiki, ya isa ya zubar da mutuncin dattijo a kasuwa, ya kuma jefa kamfanin cikin saɓa wa dokar kare bayanan jama'a ta 2023. A kan irin waɗannan bayanai ban nemi sassauci ba, na yarda su zama sirri har abada, haka ma lambobin manhajarsu, wato layukan umarnin da aka rubuta aka gina ta da su, da farashin da suke yanka wa kowa.

Amma ni ɗaliba ce, makaranta tana jirana da littafin da nake cike abin da na yi kowane mako, da rahoton ƙarshe, da tsayuwa gaban malamai in kare shi. In komai sirri ne, me zan rubuta? Sai muka ƙara layi cewa ina da damar bayyana irin aikin da na yi da abin da na koya a littafi da rahoto, da sharaɗin mai kula da ni a kamfanin zai duba rahoton cikin mako guda kafin in miƙa, kuma duk hoton allo da zan sa zai kasance da sunaye da alƙaluman da aka ƙirƙira don gwaji. Muka kuma fitar da abin da kowa ya riga ya sani da ƙwarewar da na samu daga cikin sirri. Yadda ake tsara rumbun bayanai ilimi ne da zan tafi da shi. Abin da ke cikin rumbunsu kuwa amana ce.

Batun tsawon lokaci bai ɗau mu wani dogon zama ba. An rubuta wata shida kawai, ba ranar farawa ba ranar gamawa, sannan an ce kamfani na iya tsawaitawa in ya ga dama. Muka sa 3 ga Maris zuwa 29 ga Agusta, mako 26 ke nan, wanda ya rufe mako 24 da littafina ke buƙata har da rarar hutun Salla. Tsawaitawa kuma sai da yardar ɓangare biyu a rubuce, saboda ina da rajistar sabon zango da ba za ta jira ni ba.

Wajen sallama ne na fi ganin rashin daidaito. Kamfani na iya sallamata kowane lokaci ba sanarwa ba dalili, ni kuwa sai na ba da sanarwar wata guda. Yaya ya ce dokar ƙwadago, a sashe na 11, ta sa sanarwar mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku a aiki amma bai kai shekara biyu ba, sai dai kada in jingina da ita, domin takardar ta rubuta ƙarara cewa ni mai koyo ce, ba ma'aikaciya ba. Abin da ke rubuce a takardar shi zai fi amfanata. Kuma asarar mai koyo ba irin ta ma'aikaci ba ce. In aka sallame ni a mako na 15 aka ƙi sa hannu a littafina, ba alawus kawai na rasa ba, ina iya rasa kwas ɗin gaba ɗaya in maimaita. Saboda haka abin da na fi dagewa a kai shi ne, ko da wane dalili aka rabu, za su sa hannu da hatimi a kan makonnin da na yi, su ba ni takarda mai nuna ranakun. Alawus ɗin naira 40,000 ne a wata, sai muka rubuta a biya gwargwadon kwanaki: in aka rabu ranar 18 ga wata mai kwana 30, naira 24,000 ke nan. Sallamar nan take kuma ta tsaya a kan manyan laifuffuka da aka ambata da suna, kamar sata ko fitar da bayanan abokan ciniki.

Ranar Litinin na je da gabana yana faɗuwa, domin mun taso an koya mana cewa wanda aka taimaka wa ba ya ja-in-ja. Na gaishe da manaja na ce, "Yallaɓai, na karanta, kuma na gode. Akwai wurare huɗu da nake neman alfarma saboda makaranta." Na miƙa masa gyare-gyaren a shafi ɗaya, kowanne da dalilinsa. Ya sa gilashi ya bi layi-layi da bakin biro. Ya ce takardar ta ma'aikatansu ce suka ɗan taɓa, ba wanda ya taɓa yi musu magana. Ya amince da ranaku, da rahoto, da sa hannu a littafi, da shafin jerin kayana. Na nemi sanarwar mako biyu ga kowa, ya ce mako ɗaya ga kowa, na karɓa.

Abu ɗaya ya ƙi. Na so in nuna wa duniya lambobin aikin da zan yi musu don neman aiki nan gaba, ya ce a'a, sai dai in faɗi abin da na yi da baki ko a takardar neman aiki. Ya kuma ƙara nasa sharaɗin: kada in tallata manhajar Kawu ga abokan cinikinsu muddin ina tare da su. Na ga yana da gaskiya a duka biyun. Aka sake buga takardar da gyare-gyaren a ciki, maimakon a bar su a alkawarin baki. Ni da shi muka sa hannu a kowane shafi har da na jerin, kwafi biyu, na riƙe ɗaya. Da na gama a watan Agusta, mai kula da ni ya duba rahotona ya cire hoto ɗaya da sunan wani shago ya fito a kusurwarsa, sauran ya sa hannu. Manhajar Kawu kuwa ita na kare a aji huɗu, da sunana a kanta.