Asabar, ranar da manaja ya tara mu

Yau da ƙarfe goma sha ɗaya aka kashe injin casa, masinja ya zagaya yana cewa kowa ya hallara a sito manaja zai yi jawabin ƙarshen shekara. Mu ƴan sikeli ne muka zo a ƙarshe saboda akwai tirelar shanshera daga Haɗeja da ba mu gama aunawa ba. Wasu kan benci wasu kan buhu, aka buɗe da addu'a.

Abin da ya burge ni shi ne bai yi irin godiyar nan ta jimla ba, ta "mun gode wa kowa da kowa". Sashe sashe ya bi. Ya fara da masu boila, ya ce duk shinkafar da ta fita da kala mai kyau a bana daga hannunsu ta fito, don gumi in aka kuskure jiƙo ko turara to ba injin da zai gyara. Ya juya wajen dattijon da ke shugabantarsu ya ce "Baba, Allah ya saka da alheri, kwanan da kuka yi a bakin wuta cikin azumi ban manta ba." Baba ya sunkuyar da kai ya ce "Ranka ya daɗe aikinmu ne." Sai leburori masu lodi, sai matan da ke ɗinke buhu, har maigadi sai da ya ambata. Mu kuma ya ce amanar kamfani a kan sikelinmu take, wallahi sai da na ji wani abu a raina.

Daga nan ya shiga maganar wahalar da ake ciki, bai ɓoye komai ba. Ya ce tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar lantarki ta rukunin Band A naira 225 kowane yunit lissafin casa ya canja, ga dizal tun kafin nan ya yi tsada, kuma duk lokacin da shinkafar waje ta cika kasuwa farashin tamu sai ya sauka alhali shansherar da ke sito da tsada aka saye ta. Ya ce waɗannan ba a hannunmu suke ba, don haka ba zai ɓata mana lokaci a kansu ba.

Abin da ke hannunmu, in ji shi, danshi ne, kuma shi ne aikin baɗi. Ya sa aka kawo allo ya yi lissafin a gabanmu. Shanshera ana so danshinta ya tsaya wajen 14 cikin ɗari kafin a ajiye ko a casa. In ka sayi kilo 100 mai danshi 18, ainihin ƙwayar kilo 82 ce sauran ruwa, in ta bushe ta dawo 14 abin da zai rage maka kilo 95 da ɗan kai ne. Kusan kilo biyar kenan ka biya kuɗin ruwa a kowane ɗari, a tirela mai tan 30 ya kusa tan ɗaya da rabi, tun kafin a cire ƙaiƙayi da dusa da tsakuwa. Wurin ya yi tsit don kowa ya san da kaka dillalai haka suke kawo ta, wani ma a saman buhu busasshiya a ƙasa jiƙaƙƙiya, in ta kwana biyu a jibge ka sa hannu ka ji ɗumi, sai wari, sai ƙwaya ta fara baƙi.

Mai kula da injin busarwa ya ɗaga hannu ya ce "Oga, to ai in an matsa mana da sauri mu ma ƙara zafi muke yi." Manaja ya ce nan ne ɗaya asarar take, zafi mai yawa lokaci ɗaya yana tsaga ƙwaya ta ciki, ido ba ya gani sai ta shiga injin casa ta fito a karye, kuma karyayya ba ta kuɗin tsayayya. Ya yi alkawarin ba za a ƙara matsa musu ba, a busar a hankali a bar ta ta huta tsakani.

Tsarin da ya ajiye daga Janairu: ba tirelar da za a sauke sai an soka buhuna daga gaba da tsakiya da baya an gwada da mita, a rubuta danshin a jikin takardar sikeli a gaban mai kaya, abin da ya haura 14 a rage masa a farashi. Ni wannan ya yi min daidai, amma na san rigimar a teburina za ta sauka, don dillali ba zai je ofis ya yi faɗa ba ni zai tsare. Bayan an tashi na same shi na ce "Ranka ya daɗe, mita ɗaya gare mu kuma batirinta na wasa." Ya ce in rubuto a takarda Litinin, za a sayo ta biyu kafin shinkafar rani ta fara shigowa.

An raba mana kilo goma goma da lemo, na koma na ƙarasa tirelar Haɗeja, na gwada ta don in gani, 17 ta nuna. La'asar ta yi kafin direban ya sa hannu.