Daga muryar direba zuwa saƙon da mai kaya zai yi aiki da shi

Aikina a kamfaninmu na jigilar kaya a Birnin Kebbi shi ne in saurari direbobi, in rubuta wa masu kaya inda kayansu suke. Yawancin lodinmu shinkafa ce da albasar Aliero, ana bi da su ta Jega, Koko, Yauri, Kontagora har Kudu. Direbobinmu ba sa rubutu, saƙon murya suke turowa ta WhatsApp. Babban abin da aikin nan ya koya mini shi ne, a cikin kowane saƙo akwai abin da ya riga ya faru, akwai kuma abin da direba yake fata, kuma ba a haɗa su a jimla ɗaya a miƙa wa mai kaya.

Ga misali. Tirela ta ɗauki buhu 600 na shinkafa mai kilo 50, wato tan 30, za ta Ilori. Da ƙarfe 4:10 na yamma saƙo ya shigo: "Oga, mun wuce Koko, taya ɗaya ta baya ta fashe, muna wurin mai faci, yanzun nan za mu tashi in Allah ya so."

Abu na farko da nake bincika shi ne lokaci. Ƙarfe 4:10 lokacin da saƙon ya same ni ne, ba lallai lokacin da ya yi maganar ba. A hanyar nan akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa, saƙo ya maƙale a waya sai an shiga gari ya fita. Da na kira shi, ya ce tun bayan azahar ya yi maganar, wajen ƙarfe biyu. Saboda irin wannan ne muka roƙi direbobi su riƙa fara kowane saƙo da faɗin lokaci da sunan garin da suke. Wanda bai duba agogo ba ya ce kafin la'asar ko bayanta, wannan ma ya wadatar.

Sai wuri. "Mun wuce Koko" ya haɗa da wanda yake bakin gari da wanda ya kusa Yauri. Ba na tambayar "kana ina?", domin amsar ita ce "ina hanya". Cewa nake: "Malam, wane gari ka bari a baya, wanne ne a gabanka?" Wannan tambayar ba ta da mafaka.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne "yanzun nan za mu tashi". Direba ba ƙarya yake ba, niyyarsa ke nan, kuma ba ya son ran oga ya ɓaci. Amma niyya ba labari ba ce. Don haka nake tambayar abin da ido ke gani: an cire tayar? Faci za a yi ko sabuwa ake nema? Akwai safaya? A ranar nan ya ce tayar ta yage, ba ta facuwa, safayar kuma ba iska, yaron mota ya hau mashin ya koma Koko nemo wata. Ka ga wannan ba tsayuwar minti talatin ba ce. Ga kuma ƙa'idar kamfaninmu cewa mota mai kaya ba ta bin wannan hanya da dare, saboda tsaro. In har gyara ya kai magariba, kwana ya kama.

Abin da na tura wa mai kaya shi ne: "Alhaji, barka da yamma. Motar da ke ɗauke da buhunanka 600 ta tsaya tun wajen ƙarfe 2:00 na rana saboda matsalar taya, kafin Yauri. Kaya lafiya, tamfol a rufe. Ana neman taya, motar za ta kwana, ta tashi da safe. Kada a tara 'yan dako gobe da safe. Zan sake sanar da kai ƙarfe 8:00 na safe, ko an tashi ko ba a tashi ba."

Ban sa lokacin isa Ilori ba, domin ba ni da shi, kuma lokacin da na faɗa shi Alhaji zai riƙe. Alkawarin da nake iya cikawa shi ne na saƙo na gaba, shi na bayar. Ban kuma faɗi ainihin inda motar ta kwana ba. Saƙo yana yawo daga waya zuwa waya, kuma ran direba da yaronsa ya fi gamsar da kowa muhimmanci. Takamaiman wurin yana cikin littafin ofis kawai.

A ƙarshen tafiya ma haka nake tsantseni. Idan direba ya ce ya iso, sai in tantance ko garin ya shiga, ko yana ƙofar sito yana jiran layi, ko an sauke. Ba na rubuta "an kai kaya" sai na ga hoton takardar kaya da sa hannun mai karɓa da adadin buhunan da aka ƙirga. In an ƙirga 598, haka zan rubuta, in ƙara da cewa ana bincike a kan biyun, in kira direba tun bai bar ƙofar siton ba.