Layin da na shafe a takardar albashina

Shekarata ta biyu da fara aiki na nemi rance a banki, suka ce in turo takardun albashi na wata uku na baya-bayan nan. Sau biyu ina turawa ana mayar mini, ni kuwa ina ta ƙorafi cewa wulaƙanci ne kawai irin na ma'aikatan banki. Sai da wata ma'aikaciya ta zauna ta rubuto mini cikakkiyar amsa na gane daga ina matsalar take. Ƙannena masu sabon aiki, ga abin da na yi, don kada ku maimaita.

Karon farko da dare na ɗauki hoton, takardar na kan cinyata, hasken kyamara ya faɗa daidai kan lambobi. Na tura wa kaina ta manhajar hira don in ɗauko a kwamfuta, ban san manhajar tana matse hoto ba. Hoton da ya kai kusan 3 MB ya koma ƙasa da 200 KB, har 3 da 8 suka zama kamar tagwaye. Wannan mai sauƙi ne, na sake ɗauka da rana.

Karo na biyu ne na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. A cikin abubuwan da ake cira daga albashina akwai bashin ƙungiyar adashin ma'aikata da nake biya duk wata. Na ce a raina idan suka gani za su rage mini rancen, sai na shafe layin da farin launi a waya, na kuma yanke saman takardar don ta yi kyau. A ganina dabara ce.

Amsar da ta zo ba ta da zafi ko kaɗan, shi ya sa ta fi shiga jikina. Ta ce: "Malam, ba za mu iya karɓar wannan hoton ba. An yanke saman takardar, don haka sunan ma'aikatarka da watan da aka biya albashin ba su fito ba. Sannan jimillar albashinka 200,000 ce, abubuwan da aka cira waɗanda ake iya gani sun kama 31,000, ya kamata saura ya zama 169,000. Amma takardar ta ce abin da ya shigo hannunka 149,000 ne, kuma shi ne muka gani ya shiga asusunka. Akwai 20,000 da ba mu ga inda ta tafi ba. Don Allah ka turo ainihin takardar yadda ofishinku ya fitar da ita."

Kun ga inda na kwana. Na shafe layi, na manta lissafin da ke ƙasa yana nan yana tona mini asiri. A da na ɗauka banki yana duba takardar ne don ya san nawa nake samu. Ashe wannan sun riga sun gani a bayanin asusuna. Abin da suke yi shi ne gwada takardar da abin da ke hannunsu: sunan da ke kanta ya dace da na katin shaida, watan ya zama na kusa, jimilla idan aka debe abubuwan da aka cira ta ba da saura, sauran kuma ya yi daidai da kuɗin da ya shiga asusu. Ɗaya ya kauce, takardar ba ta da amfani a wurinsu, komai kyan hoton.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ɓoyon nawa bai ma da wata riba tun farko. A kan abin da ke shigowa hannu suke auna nawa mutum zai iya biya duk wata, wato a kan 149,000, kuma an riga an debe bashin adashin kafin a kai wannan adadin. Na sa kaina cikin zargi a banza. Da na je ofishinsu ma'aikaciyar ta gaya mini a hankali cewa ita daga kujerarta ba ta da hanyar bambance wanda ya shafe layi don kunya da wanda ya ƙirƙiri takarda don damfara, ƙa'ida kuwa ɗaya ce a kansu. Ta yi mini alheri da ta tambaya kafin ta miƙa fayil ɗina sashen bincike.

Washegari na je sashen albashi na wurin aikinmu, suka ba ni takardun wata ukun a PDF, na ɗora su kai tsaye ba tare da na taɓa komai ba. Wanda takardarsa ta hannu ce, ya shimfiɗa ta a kan tebur da rana, ya kashe hasken kyamara, ya tabbata kusurwoyi huɗun sun fito, hatimi da sa hannu in akwai su suna karantuwa, sannan ya faɗaɗa hoton ya karanta ƙananan lambobin da idonsa kafin ya tura. Idan ta manhajar hira za ta bi, a tura ta a matsayin fayil, kada a tura a matsayin hoto.

Rancen ya fito bayan kwana biyar, daidai adadin da zan samu da ban shafe komai ba, sai dai mako biyun da na ɓata.