Bashi ɗaya, saƙo uku

Shagona na buga takardu ne, kwamfuta biyu da injin hoton takarda, amma abin da ya fi kawo mana mutane yanzu shi ne gyaran saƙo. Mutum zai zo da magana a bakinsa, ko a rubuce a takardar da ya yago daga littafi, ya ce a mayar masa da ita wasiƙa, a kuma tura ta imel, sannan a ba shi 'yar gajeruwa da zai aika ta WhatsApp. Da yawa suna ɗauka aikin kwafa ne a liƙa wuri uku. Ba haka muke yi ba.

Kafin in rubuta ko da gaisuwa, sai na fitar da abin da muke kira ƙashin saƙo a shagon: wa ke magana, da wa, nawa ne kuɗin, wace rana, me ake so a yi. Wannan ba ya motsawa ko ta wace hanya saƙon zai bi. Sauran duka, gaisuwa da tsayi da jerin magana, su ne ke canzawa.

Wani kafinta da muke yi wa aiki ya kai wa wata makarantar kuɗi benci 40, kowane a kan N12,000, jimilla N480,000. An ba shi N200,000, saura N280,000. Ya kai kayan ranar 9 ga Satumba, 2024, yana kuma son cikon kuɗinsa zuwa Alhamis 31 ga Oktoba. Ƙashin ke nan, sai lambar asusunsa. Abin da ya zo da shi a rubuce kuwa ya cika shafi guda, har da labarin yadda katako ya yi tsada da yadda yaransa suka kwana suna aiki. Duk gaskiya ne, amma a cikin wannan dogon bayani sai ka duba sau biyu kafin ka ga adadin kuɗin.

Da wasiƙa muka fara, domin ita ce mai zama a fayil. A takarda mai ɗauke da sunan shagonsa muka buga ta, da kwanan wata a sama, aka rubuta ta zuwa ga ofishin shugaban makaranta ba zuwa ga sunan mutum ba, saboda shugaba na iya canzawa, bashi kuwa yana nan a kan makaranta. Bayan take, sai gaisuwa layi ɗaya, sai magana: "Muna tunatar da ku cewa ranar 9 ga Satumba, 2024, mun kawo benci 40 a kan N480,000. Mun karɓi N200,000. Muna roƙon a biya ragowar naira dubu ɗari biyu da tamanin (N280,000) zuwa ranar 31 ga Oktoba, 2024." A wasiƙa kullum "ku" muke cewa, kuma kuɗin da ake nema sai an rubuta shi da kalmomi da alƙaluma, don sifiri ɗaya yana iya ɓacewa a hoton takarda ko wani ya ƙara shi da biro. Wata ma da sunansa muke rubuta shi, ba 9/10 ba, wanda wani zai karanta Oktoba wani ya karanta Satumba.

Kwafi biyu na ba shi, ya sa hannu a duka. Ɗaya za a karɓa, ɗayan kuma sakatare zai buga masa hatimin karɓa da kwanan wata ya dawo masa da shi. Wannan kwafi na biyu nake fi nanatawa mutane. In magana ta kai ga mai unguwa ko kotu, wanda ya ce "ban ga takarda ba" da shi ake ba shi amsa.

Imel ɗin na akawun makarantar ne, mutumin da ke buɗe saƙonni da yawa a waya yana tsaye. Shi ya sa rabin aikin yana kan layin Subject. Muka rubuta: "Ragowar kuɗin benci 40: N280,000, zuwa 31 ga Oktoba". Ko bai buɗe ba ya san abin da ake nema, in kuma ya tashi nemansa bayan wata biyu, kalmar "benci" kaɗai za ta fito masa da shi. Masu barin wurin a wofi, ko su rubuta "Salam" kawai, saƙonsu nutsewa yake yi. A ciki muka juya jerin maganar. Wasiƙa ta fara da tarihi ta ƙare da roƙo, imel kuwa ya fara da roƙon, tarihin ya biyo baya a layi biyu, sai lambar asusu a layinta ita kaɗai don a iya kwafarta. Adireshi da kwanan wata na sama duk mun cire, imel yana zuwa da nasa. Wasiƙar mai hatimi da rasidin N200,000 muka haɗa su a matsayin PDF, muka sa shugaban makaranta a Cc don shi ma ya sami kwafi, aka kuma faɗa a jikin saƙon cewa akwai takardu biyu a haɗe, domin akwai masu karantawa ba su gangara ƙasa ba.

Gajeren saƙon WhatsApp shi ne ya fi ɗaukar mana lokaci, kuma a nan ne aka fi ɓata magana. Kafintan da akawun sun san juna, sun sha yin salla a sahu ɗaya. Don haka da na ce ya faɗa mini yadda zai rubuta, sai ya ce: "Yallaɓai, don Allah a taimaka da ɗan abin da ya samu, duk lokacin da hali ya yi." Na ce masa, "Malam, wannan ai ka warware wasiƙarka da hannunka." Ɗan abin da ya samu ba N280,000 ba ne, lokacin da hali ya yi kuma ba 31 ga Oktoba ba ne. Gobe in aka turo masa N50,000 a Disamba, saƙon nan za a nuna masa a ce shi ya yarda. Kunya ce ke sa mutanenmu haka, kuma ban ga laifin kunya ba, sai dai wurinta gaisuwa da roƙo, ba adadi da rana ba.

Ga abin da muka tsaya a kai: "Assalamu alaikum Yallaɓai, barka da aiki. Na kawo takarda ofis kan ragowar kuɗin benci, N280,000, na kuma tura maka imel. Don Allah a duba mana zuwa Alhamis 31 ga Oktoba. Allah ya saka da alheri." A nan "ka" ya shigo, don mutum ne da mutum. A dunƙule muke tura shi, saƙo ɗaya, ba a yanka shi gida biyar wayar mutum ta yi ta ƙara ba. Na hana shi saƙon murya a kan maganar kuɗi, saboda ba a iya nemo adadi a cikinsa, ba a kuma iya buga shi a takarda. In za a haɗa hoton rasidi, ta Document muke turawa, don hoton da aka tura kai tsaye ana matse shi har ƙananan alƙaluma su dushe.

Wani lokaci nakan sa a fara da WhatsApp kafin wasiƙa ta isa. Idan alaƙa mai daɗi ce kuma ba a taɓa tuni ba, takarda mai hatimi ta faɗo wa mutum ba sanarwa kamar sammaci take zo masa. Kafintan ya riga ya yi tuni da baki har ya gaji, shi ya sa nasa muka bi daga wasiƙa.

Kafin komai ya fita, yarinyar da ke taya ni aiki takan ɗauki ƙashin saƙon tana karantawa da ƙarfi, ni ina bin ukun da yatsa: 40, N280,000, 31 ga Oktoba, lambar asusu mai alƙaluma goma. WhatsApp yana ba da minti 15 a gyara saƙo bayan an tura, wasiƙar da aka buga wa hatimin karɓa kuwa sai dai a rubuta wata a kai.