Yoyon da ya ƙi bin lissafin allo

In aka tambayi yadda yoyo ke sauka a kan zarensa, amsar da kowa ya haddace ita ce ƙaruwar gudunsa a = 2g/3 da jan zaren T = mg/3. Ita na rubuta wa ɗalibaina a allo, muka lissafa cewa yoyo zai sauko mita 1 cikin daƙiƙa 0.55. Da na saki na gaske sai ya dinga gangarowa a natse, ya ci wajen daƙiƙa ɗaya da rabi. Wata ɗaliba daga baya ta ce, "Malam, to waye ya yi ƙarya, yoyon ko allon?" Har yau tambayar nan tana yi mini zafi.

Dokokin ba su da laifi. Nauyi na ja ƙasa, zare na ja sama: mg − T = ma. Zaren ne kaɗai ke murɗa yoyon: Tr = Iα, inda I ke auna wuyar juya yoyon, α kuma ƙaruwar saurin juyawarsa, kuma tun da zaren ba ya zamewa, a = rα. Ka haɗa su ka sami a = g/(1 + I/mr²).

Duk rigimar tana cikin ƙaramin r ɗin nan. Amsar 2g/3 ta faifan da aka naɗe wa zare a bakinsa ce, inda r ya zama ɗaya da R, wato nisan da ke tsakanin tsakiyar faifan da bakinsa. A yoyo kuwa zaren yana kan siririyar sandar tsakiya. Babban R aikinsa cikin I = ½mR² ne kawai, r kuma daga tsakiyar sanda ne zuwa inda zare ya rabu da ita.

Namu giram 60 ne, R santimita 3, r rabin santimita. I/mr² ya zama R²/2r², wato 18. Ke nan a = 9.8/19, kusan 0.52 m/s², ba 6.5 ba. Jan zaren kuma T = m(g − a), kusan 0.56 N, alhali nauyin yoyon gaba ɗaya 0.59 N ne. Zaren na ɗauke da kashi 95 cikin ɗari na nauyin, mu kuma mun ba shi kashi ɗaya bisa uku! Da ma hannu ya isa ya faɗa: in yoyo na sauka, yatsa na jin kusan duk nauyinsa.

Sabon lissafin ma bai zauna daram ba, domin ya ba da kusan daƙiƙa 2. Dalili shi ne kaurin zare. A farkon saki, naɗin ya kumbura sandar. In r ya kai santimita 1, a zai zama g/5.5, kusan 1.8 m/s², sannan ya riƙa raguwa yayin da zaren ke warwarewa. Don haka in za ka gwada a aji, nemi zare siriri sosai, ka auna r da zaren a naɗe, ka sake aunawa a warware. Lokacin da za ka samu zai faɗo tsakanin amsoshin biyu.