Rabin manoma nawa?

Na kwashe kayana daga Birnin Kebbi, amma tambaya ɗaya da aka yi mana ranar difens, wato ranar kare aikin bincikenmu a gaban malamai, ta ƙi barina.

Mu biyar ne a rukunin. Aikinmu kan manoman shinkafar rani ne a fadamar Argungu, da abin da ban ruwa da injin fetur ke ci musu. Babi biyar, mutum biyar, kowa ya ɗauki ɗaya ya tafi. Ni na ɗauki na huɗu, na lissafi.

Mun raba takardun tambayoyi 120, guda 104 suka dawo a cike. Manoma 52 suka ce tsadar mai ce ta fi damunsu. Na raba 52 da 104, ya ba ni kashi 50 cikin 100, kuma har gobe lissafina daidai yake. Sai dai mai babi na uku ya rubuta manoma 120 tun kafin mu je gona, bai sake komawa kai ba. Mai babi na biyar kuwa ta ga 50, ta rubuta "rabin manoma", ta ɗora shawarwarinta a kai.

Malamin da aka gayyato daga waje bai tambayi kowa babinsa ba. Ya tsallake ni, ya dubi mai babi na biyar: "Malama, wannan rabin, rabin mutum nawa ne?" Ta ce 60. Ya buɗe jadawalina, ya nuna mata 52. Sannan ya juyo ga mai babi na uku: "Sauran takardu 16 ina suke? Ɓata suka yi, ko cire su aka yi? Wa ya yanke?" Shiru. Da na ce, "Ranka ya daɗe, zan yi bayani," ya ɗaga hannu ya ce ai ya san ni na sani, so yake ya ji ko na gaya wa sauran.

Ban gaya musu ba. Wannan laifina ne, na ɗauka. Amma malamin da ke duba aikinmu ya sa hannu a babi biyar ɗin nan, kuma a zauren har da shi ake girgiza kai. Wannan ban manta ba.

Da mun zauna yini ɗaya, da mun kama kuskuren. A ɗauki adadi ɗaya daga shawarwari, a bi shi baya zuwa jadawali, daga nan zuwa lambar tambayar da ta haife shi, kuma wanda bai rubuta babin ba shi zai bi. Kowa ya iya faɗin abin da ya karɓa daga na gabansa da abin da ya miƙa wa na bayansa. A riƙa rubuta wanda ya je gona da ranar da ya je, don ana tambaya.

An ba mu mako biyu mu gyara. Layi ɗaya muka ƙara a babi na uku, muka sake kalma uku a na biyar. A babina ba a taɓa ko waƙafi ba, makin kuwa iri ɗaya muka samu.